Jinkirtaccen haraji: yadda inji ɗaya ke haifar da riba iri biyu

A asusun shekara na kamfani mai rajista akan ga layi biyu na haraji. Na farko shi ne harajin bana, kuɗin da za a kai wa hukumar tara haraji ta tarayya. Na biyu ana kiransa jinkirtaccen haraji, kuma shi ne ke ɗaure wa masu kamfani kai, domin babu takardar neman biya da ta zo da shi, babu ranar da aka sa a biya shi, amma ga shi ya ci wani ɓangare na ribar shekara, ya kuma zauna a jerin basussukan kamfani. Wasu kan ɗauka ƙirƙirar akanta ce. Ba haka ba ne. Asalinsa shi ne riba ɗaya ana auna ta da ma'auni biyu, kuma ma'aunan nan sun yarda da juna a kan jimillar kuɗi, saɓaninsu a kan lokaci ne.

Maganar ta shafi kamfanoni masu biyan harajin kamfani ga tarayya. Ɗan kasuwar da ke da shago da sunansa a babbar kasuwar Katsina harajin mutum yake biya wa hukumar jiha, lissafinsa daban ne.

Ma'auni na farko shi ne ribar littafi, wadda akanta ke fitarwa bisa ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya da Najeriya ta fara aiki da su a 2012, farawa da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. Manufarta ta nuna wa masu hannun jari da banki yadda kasuwanci ya gudana a shekarar. Ma'auni na biyu shi ne ribar haraji, wadda dokar haraji ta tsara yadda za a fitar da ita. Ita doka tana son ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan kowa, ba ta yarda da kintacen mai kamfani ba, kuma wani lokaci da gangan take sassauta wa mai sayen injuna don a zuba jari. Ƙa'idar da ta tsara yadda za a rubuta tazarar da ke tsakaninsu ita ce IAS 12.

Mu ɗauki kamfanin casar shinkafa a bayan garin Katsina, cinikinsa ya kai na manyan kamfanoni, harajinsa kashi 30 cikin 100. A farkon shekara ya sayi injin casa na naira miliyan 100. Injiniya ya ce zai yi aiki shekara 10, bayan nan ba a sa ran zai yi wani kuɗi. Saboda haka akanta ya raba kuɗin injin gida goma, kowace shekara yana cire miliyan 10 daga riba a matsayin ragin tsufa. A kowace shekara kamfanin na samun miliyan 60 bayan an cire kuɗin shanshera, man dizal, albashi da buhuna, kafin a taɓa maganar inji. Ribar littafi ke nan miliyan 50.

Hukumar haraji ba ta karɓar ragin tsufan da akanta ya kintata, ko da kintacen daidai ne. Dalili kuwa a fili yake: da an bar wa kowane kamfani ya zaɓi shekarun injinsa, wanda ke son rage haraji sai ya ce injinsa shekara biyu zai yi. Don haka a lissafin haraji ana mayar da miliyan 10 ɗin nan kan riba, sannan a cire abin da doka ta ƙayyade, wato rangwamen jari. A tsohon tsari, kafin sabuwar dokar haraji ta 2025, inji kan sami rangwamen rabin kuɗinsa tun shekarar farko, sauran a raba a shekarun da ke biye. Mu a nan, don lissafi ya tafi sarai, mu sa rangwamen ya zama kashi 20 cikin 100 kowace shekara, miliyan 20 har shekara biyar. Za mu kuma ajiye sauran harajin da ake ɗora wa ribar kamfani a gefe.

To a shekarar farko ribar haraji ta zama miliyan 40, wato 60 a cire 20. Harajin da za a biya miliyan 12. Amma kashi 30 na ribar littafi miliyan 15 ne. Ina miliyan 3 ta tafi? Ba yafe ta aka yi ba. Duba abin da zai faru a shekara ta shida. Rangwamen jari ya ƙare, domin an riga an cire miliyan 100 ɗin duka a shekara biyar. Akanta kuwa yana nan yana cire miliyan 10 tasa, ribar littafi tana nan miliyan 50. Hukuma ta mayar da ragin tsufa kan riba kamar kullum, amma yanzu babu abin cirewa, sai ribar haraji ta koma miliyan 60, haraji miliyan 18. Daga shekara ta shida zuwa ta goma kamfanin zai riƙa biyan ƙarin miliyan 3 a kan abin da ribar littafinsa ta nuna.

A tara duka. Shekara biyar ana biyan miliyan 12, ya zama 60. Shekara biyar ana biyan 18, ya zama 90. Jimla miliyan 150. Ribar littafi ta shekara goma miliyan 500 ce, kashi 30 ɗinta miliyan 150. Ko kwabo bai bambanta ba. Abin da doka ta yi shi ne ta sassauta a farko ta karɓa a ƙarshe. Irin wannan tazara da ke buɗewa ta kuma rufe da kanta ita ake kira bambancin wucin gadi, kuma ita ce babban tushen jinkirtaccen haraji.

Yanzu a yi tunanin asusun da bai rubuta shi ba. A shekarun farko zai nuna riba bayan haraji miliyan 38, a shekarun baya kuma miliyan 32, alhali inji ɗaya ne, ciniki ɗaya, kasuwa ba ta motsa ba. Wanda ya sayi hannun jari a ƙarshen shekara ta huɗu yana kallon 38 an ruɗe shi, domin akwai miliyan 12 na haraji da aka tura gaba, shi zai ɗauki nauyinsa. Masu kamfani ma suna iya raba ribar da ba tasu ba ce duka. Idan aka rubuta shi kuwa, shekarar farko za ta nuna harajin bana miliyan 12, jinkirtacce miliyan 3, jimla 15, riba bayan haraji miliyan 35. Shekara ta shida za ta nuna harajin bana 18, a rage jinkirtacce 3 da aka saki, jimla 15, riba 35. Harajin ya bi ribar da ta haife shi.

A aikace ba daga riba ake fara lissafin ba. IAS 12 ta ce a je kan kadara ko bashi ɗaya bayan ɗaya, a kwatanta darajarsa a littafi da darajarsa a idon haraji. Darajar inji a idon haraji ita ce abin da ya rage na kuɗinsa wanda doka za ta bari a cire nan gaba. A ƙarshen shekarar farko littafi ya ce injin miliyan 90 ne, haraji ya ce 80.

```
(90 - 80) x 30% = 3
(50 - 0)  x 30% = 15
(20 - 0)  x 30% = 6
```

Layin farko ƙarshen shekara ta ɗaya ne, na biyu ƙarshen ta biyar inda bashin ya kai ƙololuwa, na uku ƙarshen ta takwas yana kan sauka. Abin da ke shiga asusun riba a kowace shekara shi ne motsin da aka samu tsakanin adadin bara da na bana. Idan bara bashin miliyan 6 ne bana ya zama 9, miliyan 3 ake cirewa daga riba, ba 9 ba. Masu koyon aikin kan yi tuntuɓe a nan, su zuba adadin gaba ɗaya a asusun riba kowace shekara, sai harajin ya kumbura ya wuce duk abin da hankali zai ɗauka.

Akwai masu cewa, to ai ba bashi ba ne na gaske tunda hukuma ba ta bin kowa komai a yau. Gaskiya ne ba ta bi yau. Amma a gwada sayar da injin a ƙarshen shekara ta biyar a kan miliyan 50, daidai darajarsa a littafi. A littafi babu riba babu asara. A wurin haraji kuwa injin ba shi da sauran daraja, an riga an ba kamfanin rangwamen kuɗinsa duka, don haka miliyan 50 da aka karɓa za ta shiga cikin abin da za a yi wa haraji. Kashi 30 ɗinta miliyan 15, daidai abin da aka ajiye. Ko an ci gaba da aiki da injin, ko an sayar, ba yadda za a fitar da miliyan 50 ɗin nan daga jikinsa ba tare da an biya miliyan 15 ba. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ita ya kamata a fara nuna wa mai kamfani kafin a shiga lissafin shekara-shekara.

Tazarar tana iya juyawa ta ɗaya ɓangaren, inda haraji ke riga littafi karɓa. Kamfaninmu yana ba dillalai shinkafa bashi, wasu a Daura, wasu a Jibiya da Mashi. A ƙarshen shekara akanta ya duba tarihin biyansu, ya ga wasu sun yi watanni ba su waiwayo ba, sai ya ware miliyan 8 a matsayin tanadin bashin da ake shakkar dawowarsa, ya cire daga riba. Ƙa'idar littafi ta wajabta masa yin haka tun kafin bashin ya mutu. Hukumar haraji kuma ba ta karɓar tanadi na kintace. Sai an nuna mata bashin wane ne, nawa ne, wane ƙoƙari aka yi na karɓowa, da shaidar cewa ya mutu, sannan ta bari a cire. Saboda haka bana za a mayar da miliyan 8 kan ribar haraji, kamfani ya biya ƙarin miliyan 2.4. Ranar da bashin ya tabbata matacce aka cire shi a lissafin haraji, kuɗin zai dawo ta hanyar ragin harajin wannan shekarar. Idan kuma dillalan suka biya, akanta zai soke tanadin, ribar littafi ta ƙaru da miliyan 8 da ba za a sake yi mata haraji ba. Ta kowace hanya miliyan 2.4 ɗin ba ta ɓace ba. Ita ake rubutawa a matsayin kadarar jinkirtaccen haraji.

Irin wannan ne ya faru da kamfanoni da yawa bayan an saki farashin naira a watan Yunin 2023. Wanda ake bi bashin dala ya wayi gari bashin ya ƙaru sosai in an juya shi zuwa naira, littafi ya rubuta asarar nan take, amma hukumar haraji ba ta karɓar asarar canji sai an biya bashin ta tabbata. Sai manyan kadarorin jinkirtaccen haraji suka bayyana a asusunsu.

Sai kashi na uku, wanda ba ya haifar da komai. A ce an ci kamfanin tarar miliyan 2 saboda ya karya wata doka. A littafi kuɗi ne da suka fita, dole a cire su. Dokar haraji ba ta yarda a cire tara ba, bana ko baɗi ko har abada. Wannan bambanci na dindindin ne, babu ranar da zai juyo, don haka ba a rubuta masa jinkirtaccen haraji. Illarsa kawai ita ce harajin shekarar ya fi kashi 30 na ribar littafi da naira dubu 600. Gwajin da ake yi wa kowane bambanci tambaya ɗaya ce: akwai wata shekara nan gaba da wannan abu zai ƙara ko ya rage harajin da za a biya? In akwai, na wucin gadi ne. In babu, a bar shi.

Idan aka haɗa abubuwan nan uku a shekarar farko, wani abu mai muhimmanci na fitowa. Ribar littafi: 60, a cire ragin tsufa 10, tanadin bashi 8, tara 2, saura miliyan 40. Ribar haraji: a ɗauki 40 ɗin, a mayar da 10 da 8 da 2, ta koma 60, a cire rangwamen jari 20, saura miliyan 40. Ribar biyu sun yi daidai. Mai gaggawa zai ce to bana babu jinkirtaccen haraji, tunda babu bambanci. Kuskure ne babba. A cikin wannan daidaiton akwai bashin miliyan 3 na inji, akwai kadarar miliyan 2.4 ta tanadin bashi, akwai tarar da ba ta da gobe. Sun lulluɓe juna ne kawai a shekarar. Abin da ya kamata a rubuta shi ne harajin bana miliyan 12, jinkirtacce miliyan 0.6, jimla 12.6. Wannan ne ya sa ba a yarda a tsaya kan kwatanta riba da riba ba, sai an bi kadarori da basussuka ɗaya bayan ɗaya.

Akwai hanyar gane ko lissafin ya yi daidai, kuma ƙa'ida ta wajabta a nuna ta a bayanan asusu. A ɗauki ribar littafi a buga da kason haraji: miliyan 40 sau kashi 30, miliyan 12. A ƙara harajin abubuwan dindindin: tara, miliyan 0.6. An sami 12.6, daidai da jimlar da aka rubuta. Idan jinkirtaccen haraji ya zauna daidai, bambancin wucin gadi ba ya fitowa a wannan daidaitawa ko kaɗan, domin abin da ya rage a harajin bana ya ƙara a jinkirtacce. Idan mai karatu ya ga ragin tsufa da rangwamen jari a matsayin dalilin da ya sa kason harajin kamfani ya sauka, ko ya ga wani adadi babba an lakaba masa “sauran abubuwa” ba bayani, to akwai abin da ba a lissafa ba, kuma nan odita ya kamata ya fara tona.

Wurin da aka fi samun ɓarna shi ne ɓangaren kadara. Bashin jinkirtaccen haraji ana rubuta shi kusan a kowane hali. Kadara kuwa tana da sharaɗi: sai in ana da kyakkyawan zaton samun ribar haraji nan gaba da za a cire ta a ciki. Ragin haraji ba ya amfanar wanda ba shi da harajin biya. A ce kamfaninmu ya yi mummunar shekara, shanshera ta yi tsada, dizal ya tashi, shinkafar waje ta karya farashi, ya yi asarar haraji ta miliyan 40. Doka ta yarda a ɗauki asarar zuwa gaba a cire ta daga ribar shekaru masu zuwa, don haka tana iya zama kadarar miliyan 12. Rubuta ta zai rage asarar da za a nuna wa banki da miliyan 12 cur, kuma nan jarabawar take. Idan asarar ta shekara ɗaya ce, kamfani na da tarihin riba, yana da kwangilar sayarwa a hannu, babu laifi. Idan kuwa shekara uku ke nan a jere ana asara, injin na aiki kwana biyu a mako, ƙa'ida ta ce tarihin asarar kansa shaida ce mai ƙarfi cewa ribar ba lallai ta zo ba, sai an kawo hujja mai gamsarwa. Kasafin da manaja ya zana da fatan alheri ba hujja ba ne. Akwai abu ɗaya da ke taimakawa: in kamfanin na da bashin jinkirtaccen haraji na inji da zai juyo a shekarun da za a yi amfani da asarar, wannan juyowar kanta ribar haraji ce da aka san za ta zo, ana iya rubuta kadara gwargwadonta. Abin da ya wuce haka sai da hujjar ciniki. Kuma kowace shekara ana sake dubawa. Kadarar da aka rubuta bara, in zaton riba ya gushe, dole a soke ta, sai ta faɗo kan asarar bana a daidai lokacin da kamfani ya fi rauni.

Kason da ake bugawa da shi ma yana buƙatar kula. Ba kason bana ake ɗauka ba, kason da zai yi aiki lokacin da bambancin zai juyo, matuƙar an riga an zartar da dokar ko ta kai matakin da zartarwar ta tabbata kafin ƙarshen shekarar asusu. Jita-jitar majalisa ba ta isa ba. A ce a shekara ta uku an zartar da dokar da ta sauke kason zuwa kashi 25. Bashin da aka shigo da shi, miliyan 6 a kan tazarar miliyan 20, zai koma miliyan 5, sai miliyan 1 ta shiga riba a shekarar, ba don an sayar da ƙarin buhu ko ɗaya ba. Ga mai riƙe da kadara abin ya juya, saukar kaso asara ce gare shi. Wannan ba zance ne na nesa ba. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta taɓa tsarin rangwamen jari da iyakar da ke raba ƙaramin kamfani da babba. Duk kamfanin da ya rufe asusunsa a Disambar 2025 wajibi ne ya auna jinkirtaccen harajinsa da sabuwar dokar, tunda a ƙarƙashinta bambancin zai juyo. Ƙaramin kamfanin da kasonsa sifiri ne ba shi da abin rubutawa muddin zai zauna a matsayin, amma wanda cinikinsa ke dab da tsallake iyaka, kason da zai tarar a gaba shi ne abin dubawa.

Sauran ƙa'idoji biyu a taƙaice. Ba a rage darajar jinkirtaccen haraji don biyansa na da nisa, miliyan 15 da za ta juyo cikin shekara biyar miliyan 15 ake rubuta ta. Sannan harajin yana bin abin da ya haife shi: in an sake kimanta ginin masana'anta darajarsa ta tashi, ƙarin bai bi ta asusun riba ba, to jinkirtaccen harajinsa ma ba zai bi ta nan ba, can wurin da aka ajiye ƙarin za a cire shi.

Ma'aikacin banki da ke duba asusun kamfanin don ba da rance yana da tambayar da ta fi adadin muhimmanci: yaushe bashin zai zama kuɗi mai fita? Idan kamfanin na sayen sabon inji kowace shekara biyu ko uku, sabon rangwame na shigowa yayin da tsohon ke juyowa, jimillar bashin tana iya zama a wuri ɗaya ko ta ƙaru shekaru masu yawa. Idan kuwa inji ɗaya ne aka saya aka tsaya, kamar a misalinmu, harajin da ake biya zai tashi daga miliyan 12 zuwa 18 a shekara ta shida, ƙarin rabi a dare ɗaya, riba ba ta ƙaru ba. Rancen da aka tsara biyansa a kan kuɗin da ke shigowa a shekarun farko zai takura a nan. Saboda haka sai a nemi jadawalin kadarori na haraji, wanda ke nuna kowane inji da abin da ya rage na rangwamensa, a ajiye shi kusa da rajistar kadarori ta littafi, a duba shekarar da rangwamen babban inji zai ƙare, a kuma tambayi ko akwai shirin sayen wani kafin lokacin.